Tsohuwar zolaya a gaisuwar sallah, da shekarar da ta daina ba da dariya

Shaidar da zan bayar a kan abu guda ce da na daɗe ina lura da shi tsakanin aminai. Wasan da ke ɓata rai a gaisuwar sallah ba kasafai yake zama sabo ba. Mutum kan yi taka-tsantsan da sabuwar zolaya, ya juya ta a ransa kafin ya tura. Wadda ke yin ɓarna ita ce tsohuwa, wadda aka saba maimaitawa kowace shekara har ta zama wani ɓangare na gaisuwar, don ita ce ake turawa ba tare da an sake dubawa ba. Kalmomin ba su canza ba, amma mutumin da ake tura wa ya canza, ko kuma shekarar ta canza shi.

Akwai wasu aminai biyu da na san su tun suna ɗalibai, zan kira su mai zolaya da abokinsa. Abokin ya sami buɗi da wuri a harkar kasuwanci, kuma kowa ya shaide shi da sakin hannu. Sai dai mutum ne da bai damu da ado ba. Yakan ɗinka wa iyalinsa da ƙannensa sababbin kaya, shi kuma ya fito da rigar da ya sa bara. Daga nan zolayar ta samo asali. Kowace safiyar sallah saƙo zai shigo masa kamar haka: "Yallaɓai mai kuɗi, barka da sallah. Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana. Ka gaishe min da wannan riga tamu mai haƙuri, na san yau ma ita ce a bakin aiki." Shi kuma ba ya bari ta kwana. Yakan rama da cewa, "Tana amsawa. Ta ce a tambaye ka ko har yanzu kana zuwa idi bayan an sallame," domin mai zolayar ya yi suna wajen makara.

Wannan wasa ya yi shekaru yana daɗi, kuma akwai dalilan da suka sa. Zargin da ke cikinsa ƙarya ne a fili: ana ce wa mai kyauta marowaci, kuma su biyun sun san ba haka ba ne, saboda haka a ƙarƙashin zolayar yabo ne yake kwance. Abin da ake tsokana kuma zaɓi ne, ba rashi ba, domin da ya so riga goma da ya ɗinka. Sannan akwai ramuwa. Kowa yana riƙe da abin da zai jefi ɗan'uwansa da shi, kuma nauyinsu ɗaya. Masu binciken barkwanci biyu na Jami'ar Colorado, Peter McGraw da Caleb Warren, sun yi bayani a 2010 cewa abu yakan ba da dariya ne idan ya keta wata iyaka amma a lokaci guda mai ji ya tabbata babu cutarwa a ciki. Kiran amininka marowaci keta iyaka ne. Tabbacin cewa ba gaskiya ba ne shi ne ya mayar da shi abin dariya. Idan wannan tabbacin ya gushe, keta iyakar kaɗai ke saura.

To, a shekarar da abin ya faru, kasuwancin abokin ya durƙushe wata huɗu kafin sallah. Bai faɗa wa kowa ba sai iyalinsa. Mai zolayar kuwa ya koma wani gari da aiki, rabonsu da jin muryar juna ya kai rabin shekara, sai dai ɗan saƙo jefi-jefi. Da safiyar sallah ya tura irin saƙon da ya saba, amma da canji biyu da bai ɗauke su komai ba. Na farko, maimakon ya tura masa shi kaɗai, sai ya sa a zauren WhatsApp na tsofaffin 'yan ajinsu, inda mutum fiye da talatin suke. Na biyu, ya ƙara jimla ɗaya don armashi: "Ina fata dai yaran ba su gaji halin babansu ba, an yi musu sababbi." A wannan shekarar ba a yi musu ba. Mutumin ya kwana yana tunanin yadda zai dubi idon 'ya'yansa, gari ya waye ya tarar da maganar a gaban jama'a, ga fuskokin dariya sun jeru a ƙarƙashinta.

Amsarsa ta zo bayan azahar: "Barka da sallah. Allah ya maimaita mana." Babu maganar makara, babu "mutumina". Duk wanda ya san yadda suke magana ya ga cewa wani abu ya faru, sai mai zolayar kaɗai, wanda ya ɗauka hidimar sallah ce ta riƙe abokinsa.

Ranar biki ba kamar sauran ranaku ba ce, kuma wannan ne mutane ke mantawa. Ko sallah ce, ko Kirsimeti, ko sabuwar shekara, rana ce da take fito da abin da mutum yake da shi da abin da ya rasa. A ranar ake taruwa, wanda aka yi wa rasuwa ya ga gurbin da babu kowa. A ranar ake kashe kuɗi, wanda ya rasa aiki ya ji rashin a jikinsa. A ranar ake fita da iyali ana ɗaukar hoto, wadda aurenta ya mutu ko wadda ta daɗe tana neman haihuwa ta ga kowa da nasa. Zolayar da mutum zai iya haɗiyewa ranar Talata a bakin aiki, ranar idi takan tarar da miki a buɗe. Abin takaici kuma, barkwancin gaisuwar biki yawanci a kan waɗannan abubuwa yake sauka, domin su ne a gaban kowa: tufafi, kyauta, aure, 'ya'ya, ƙiba ko rama bayan azumi, waye ya yi layya waye bai yi ba. Shi ya sa nake ganin tambayar da ta fi kowace muhimmanci kafin a tura ita ce: abin da nake tsokana, shi ya zaɓa ko kuwa same shi ya yi? Makara, yawan surutu, son barci, goyon bayan ƙungiyar ƙwallon da kullum ake lallasawa, duk waɗannan halaye ne da zaɓi, mutum zai iya dariya a kansu. Rashin aure, rashin haihuwa, rashin lafiya, bashi, kora daga aiki, waɗannan jarrabawa ce. Ko da ka ji mutum yana yi wa kansa ba'a a kansu, wannan ba izini ba ne. Sau da yawa yana riga ka faɗa ne don kada ya ji daga bakin wani.

Sai matsalar rubutu. Labarin zuciya a tambayi fuska, saƙon waya kuwa ba shi da fuska. Idan ka zolayi amininka ido da ido, kana jan murya, kana murmushi, kana dafa kafaɗarsa, kuma da ka ga fuskarsa ta sauya za ka sauya magana kafin ka kai ƙarshen jimla. A rubuce duk wannan babu, kuma kai da ka rubuta ba ka jin rashinsa, domin kana karanta saƙon da muryarka a cikin kanka. Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu sun gwada wannan a wani bincike da aka buga a 2005. Sun sa mutane su aika jimloli, wasu na gatse wasu na gaske. Masu aikawa a rubuce sun yi zaton za a gane nufinsu kusan sau takwas cikin goma, amma masu karantawa sun dace ne a kusan kashi 56 cikin ɗari, wato da kaɗan suka fi mai canki-canka. Da aka faɗi jimlolin da murya, an gane kusan uku cikin huɗu. Abin lura a nan ba kuskuren mai karatu ba ne, tabbacin mai rubutu ne: yana da yaƙinin an fahimce shi alhali ba a fahimta ba.

Alamar dariya tana taimakawa, don haka ma aka ƙirƙiro ta. A watan Satumba na 1982 Scott Fahlman na Jami'ar Carnegie Mellon ya ba da shawarar a riƙa sa `:-)` a kan saƙon wasa, bayan an ɗauki wata raha da gaske a tsakanin abokan aikinsa. Amma a san iyakar aikinta. Tana gaya wa mai karatu cewa wasa ake yi, ba ta cire gaskiyar da ke cikin maganar. Idan yaran ba su sami sababbin kaya ba, fuskar dariya goma ba za ta sauya hakan ba. Ta ma ƙara wani nauyi: yanzu mutumin ba shi da damar nuna ɓacin rai, domin za a ce ba ya ɗaukar wasa.

Zauren jama'a kuwa shi ne ya fi komai ɓata lamarin, kuma ina so a tsaya a kansa. Zolayar mutum biyu sirri ce, tana cewa ni da kai mun san juna har mun wuce kunya. Da an kai ta gaban mutum talatin sai ta zama wasan kwaikwayo, abokin ya zama abin kallo. A cikin talatin ɗin akwai wanda bai san asalin wasan ba, zai ɗauka da gaske mutumin marowaci ne. Akwai wanda ya san halin da yake ciki, zai ɗauka gori ake masa da gangan. Akwai kuma wanda ba amininsa ba ne amma zai ga ƙofa a buɗe ya ɗora tasa, alhali shi ba shi da wannan haƙƙin. A labarin nan haka aka yi: mutum uku suka ƙara nasu, ɗaya har da cewa a yi karo-karo a saya wa yallaɓai riga. Wanda ake zolaya a gaban jama'a zaɓi biyu gare shi, ko ya yi dariyar dole, ko ya yi shiru kowa ya lura. Babu mai daɗi a ciki. Haka abin yake ga wanda ya ɗora hoton abokinsa a shafinsa da rubutun tsokana a ƙasa da sunan taya murna, domin matar abokin da surukansa da yaran gidansa duk za su gani. Ayar da ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, aya ta 11 a Suratul Hujurat, ta kawo dalili cewa mai yiwuwa wanda ake wa izgilin ya fi mai yi. Laƙabin makaranta da abokinka yake amsawa idan ku biyu ne, ba lallai ya so a kira shi da shi a gaban 'ya'yansa ba.

Yanzu ga yadda ake kauce wa wannan, kuma ba wani dogon aiki ba ne. Kafin ka tura zolaya, tambayi kanka yaushe rabonka da jin muryarsa, kuma me ka sani game da shekararsa tun daga sallar da ta wuce. Idan ba za ka iya faɗin halin da aikinsa da gidansa da lafiyarsa suke ciki ba, ko kuma an yi wata biyu zuwa uku ba ku yi magana baki da baki ba, to raba gaisuwar gida biyu. Saƙon farko gaisuwa ce zalla da addu'a da tambayar iyali: "Mutumina, barka da sallah. Allah ya karɓa mana. Ya iyali, ya yara? Kwana biyu." Sai ka jira. Amsarsa ce za ta nuna maka hanya. Idan ya dawo da tsokana, ƙofa a buɗe take. Idan ya dawo da "Alhamdu lillahi, sai godiya" kawai, ko ya ce "ka sa mu a addu'a", ajiye wasan ka ɗauki waya ka kira. Wannan jinkiri na awa ɗaya ko biyu ba ya rage wa zolaya daɗi, ita da ma ta fi armashi a cikin musayar magana.

Idan kuma ka tabbata lafiya lau yake, tsarin saƙon ma yana da tasiri. Gaisuwa da addu'a su zo da farko, cikakku, zolaya ta biyo baya a jimla ɗaya, sannan a rufe da wata magana mai taushi. Dalili ɗaya na waya ne: layin farko shi ke fitowa a saman allo kafin a buɗe saƙon, kuma ranar sallah waya tana yawo a hannun mata da yara. Dalili na biyu na zuciya ne: wanda ya fara karanta addu'a ya riga ya san da wace niyya ka zo. Kada a cusa wasan cikin addu'ar kanta. "Allah ya shirye ka bana" ko "Allah ya sa ka yi aure mu huta" suna da siffar addu'a amma habaici ne, kuma mutum ba ya iya cewa amin ba tare da ya amsa laifin ba. Zolaya ɗaya ta isa. Ta biyu da ta uku a saƙo guda sukan mayar da gaisuwa jerin laifuffuka, mai karatu ya fara tunanin ashe duk wannan yana ranka.

Wasan da ya fi aminci shi ne wanda ya haɗa ku biyu a ciki. Tuna wani abu da ya same ku tare, ranar da kuka ɓace a hanyar ziyara, ko shekarar da kuka yi alkawarin fara motsa jiki bayan sallah ba wanda ya fara. "Mu" ta fi "kai" sauƙin haɗiya. Bayan shi sai yabon da aka kambama har ya zama abin dariya, kamar ce wa abokin da ya kammala karatu, "Farfesa, a taimaka a amsa gaisuwar talakawa." Ko wannan a kula: idan jarrabawar bai ci ba, kalmar farfesa ta zama wuƙa. Idan kana shakkar yadda rubutu zai fita, yi saƙon murya na daƙiƙa ashirin zuwa talatin, dariyarka za ta yi aikin da alama ba za ta iya ba. Barkwancin da aka turo maka ka tura gaba kuwa, wanda WhatsApp ke sa wa tambarin "Forwarded" tun 2018, ba ya ɗumama zuciyar kowa, domin amininka ya ga ba don shi aka rubuta ba. Mafi yawansu ma a kan matan aure ko marasa aure ko marasa kuɗi ake gina su, kuma idan ka tura wa mutum hamsin lokaci guda, da wuya a rasa wanda abin ya taɓa. Wani nau'in da ya kamata a bari gaba ɗaya shi ne na tsoratarwa: "Ka ji abin da ya faru? Kira ni yanzu," sannan a ce barka da sallah. A ranar da mutane ke kan hanya, mai karɓar irin wannan saƙo hatsari yake fara kawowa a ransa, kuma akwai hadisi a Sunan Abi Dawud da ya hana tsorata Musulmi, wanda a kan wasa ma ya zo.

Tsakanin ƙawaye mata na ga abin ya fi yawa a kan aure da haihuwa, kuma cikin ƙauna ake faɗa. "Ƙawata, barka da sallah, Allah ya sa baɗi a ɗakinki." Mai faɗa tana ganin fatan alheri ta yi da ɗan wasa. Mai ji kuwa wataƙila wannan ne karo na bakwai da ta ji maganar tun safe, daga gwaggo da inna da maƙwabta, kuma wurin ƙawarta ne kaɗai take sa ran hutawa. Ba nauyin saƙonki kaɗai za ki auna ba, ki auna da abin da aka riga aka ɗora mata a ranar. Idan ita ta taɓa roƙon ki taya ta addu'a a kan lamarin, yi mata a saƙo dabam, ba dariya a ciki.

Yadda za ka gane wasa ya yi rauni ba shi da wuya idan kana kwatanta amsar da yadda mutumin ya saba. Alama ta farko rashin ramuwa: wanda kullum yake mayar da martani ya amsa gaisuwar ya tsallake zolayar. Ta biyu sauyin kira: daga "mutumina" ko laƙabi ya koma cikakken suna ko "Malam". Ta uku gajarta da jinkiri a tare, ya karanta da safe ya amsa da yamma da kalma uku. Ta huɗu, ya kare kansa da gaske, kamar ya ce "wallahi bana abubuwa ne suka yi yawa", wato ya ɗauki maganar zargi. A zaure kuma, ka ga yana amsa wa kowa ban da kai, ko ya yi shiru kwana biyu. Fuskar dariya guda ɗaya ba tare da kalma ba, daga mutumin da ya saba doguwar ramuwa, ba dariya ba ce, rufe magana ce. Jinkiri shi kaɗai ba hujja ba ne a ranar hidima, amma idan biyu daga cikin waɗannan suka haɗu, kada ka jira na uku.

Mai zolayar bai gane ba sai a rana ta biyu, da wani ɗan ajinsu da ya san halin da ake ciki ya kira shi ya gaya masa. Abin da ya yi daga nan ya dace a koya. Ya fara goge saƙon daga zauren. WhatsApp yana ba da minti 15 a gyara rubutu, da kimanin kwana biyu a yi "Delete for everyone", kuma ya samu da ƙyar. Gogewa ba ta mayar da abin da aka riga aka karanta, tana kuma barin alamar cewa an goge wani abu, amma tana hana mutumin sake cin karo da maganar duk lokacin da ya buɗe zauren. Ya bi mutum ukun nan ɗaya bayan ɗaya a keɓe ya ce su goge nasu, bai gaya musu dalili ba. Bai rubuta ban-haƙuri a zauren ba, kuma wannan shi ne daidai, domin da ya ce "ku yi haƙuri ban san halin da yake ciki ba", da ya tona asirin da abokin ya yi wata huɗu yana rufewa.

Sannan ya kira. Bai ce "ai wasa nake" ba. Wannan jimla ita ce ta fi kowace ɓata gyara, don ma'anarta laifin mai ji ne da bai gane ba, alhali ya gane sarai. Bai ce "idan ranka ya ɓaci" ba, bai kuma fara da ƙorafin me ya sa ba a gaya masa ba. Cewa ya yi, "Ɗan'uwa, maganar da na yi a zaure jiya ba ta dace ba, balle da na sa yara a ciki. Ka yafe min." Ya yi shiru ya bar shi ya yi magana. Abokin ya ce ba komai, kamar yadda kowa ke cewa, kuma mai zolayar bai matsa masa ba. Ya tambayi yaran da sunayensu, suka yi sallama. Labarin kasuwar bai fito ba sai bayan mako biyu, a wani kiran dabam, kuma abokin ne ya kawo shi da kansa. Wani kuskure da ake yawan yi a nan shi ne a biyo ban-haƙuri da kyauta nan take, a aika kuɗi ko kaya ga yaran a ranar. Niyyar mai kyau ce, amma tana tabbatar wa mutum cewa an gano shi, kuma wasan ya koma sadaka. Idan za a taimaka, a bari sai ya buɗe maganar, a yi ta a matsayinta dabam.

Akwai ɓangare ɗaya da ba a cika faɗa ba, kuma a ganina ya kai na farko muhimmanci. Janye wasa gaba ɗaya shi ma yana ciwo. A babbar sallah ta wannan shekarar, wata biyu da kwana goma bayan ƙaramar, mai zolayar ya tsorata har ya tura gaisuwa irin wadda ake tura wa shugaba a wurin aiki, addu'a layi huɗu ba ko "mutumina". Abokin ya gaya wa wanda ya shiga tsakaninsu cewa wannan saƙon ya fi na farko yi masa zafi, domin ya nuna masa ya tashi daga aboki ya koma abin tausayi. Mutumin da ke cikin jarrabawa yana lura da yadda kowa ya fara lallaɓa shi, kuma yana kewar wanda zai yi masa magana kamar da. Haka wanda aka yi wa rasuwa: a sallar farko ba a yi masa raha a saƙon gaisuwa, a ambaci mamacin da addu'a a tsaya nan, amma idan shi ya kawo wani abin dariya da suka taɓa yi, a bi shi a yi dariyar, kada a mayar da shi ga ta'aziyya.

Saboda haka abin da ake yi shi ne a sauya wa wasan wuri, ba a kashe shi ba. A bar abin da ya zama miki, a koma kan abin da bai taɓa jarrabawar ba. Aminan nan suna da wani a ajiye, wato makarar mai zolayar, wanda shi ne abin tsokana a ciki. A sallar da ta biyo baya ya rubuta masa shi kaɗai: "Mutumina, barka da sallah, Allah ya karɓa, ya buɗa mana. Ina sanar da kai bana na sami raka'a ta biyu, a rubuta a tarihi." Abokin ya amsa cikin minti biyar cewa sai ya ga shaidu biyu adalai. Maganar riga kuwa mai zolayar bai sake tayar da ita ba. Haƙƙin buɗe ta yana hannun wanda ta taɓa yi wa ciwo, kuma idan bai buɗe ba har abada, an bar ta ke nan. Shi wannan ya buɗe ta bayan shekara biyu, da harkokinsa suka fara daidaita: ya turo hoton kansa da safe, ya rubuta a ƙasa cewa rigar ta yi ritaya, ga magajiyarta. Mai zolayar ya taya magajiyar murnar kama aiki, ya tsaya a kan rigar, bai ambaci kuɗi ko yara ba.